Layin Gida a Ƙasa Mai Tsarki: Gaskiya da Jita-jita

Duk lokacin da maniyyatan Bici suka fara haɗa kaya, sai maganar waya ta taso. Wani ya ce layin Najeriya guba ne a Saudiyya, wani ya ce babu abin da yake ci. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne.

Da jirgi ya sauka a Jidda ko Madina, layinka na MTN, Airtel ko Glo ya yi nisa da turakun kamfaninsa, sai ya rataya a jikin na STC, Mobily ko Zain. Wannan shi ake kira romin. Kamfanin can yana cajin na gida kuɗin baƙunci, na gida kuma ya ɗora ribarsa ya cira daga katinka.

Ana cewa amsa kira kyauta ne. A gida haka ne, amma a waje galibi ba haka ba ne. Mai kiranka daga Bici kuɗin gida yake biya, kai kuma za ka biya na ƙetarar da kiran zuwa inda kake, minti bayan minti.

Ana kuma cewa in ba ka taɓa wayar ba, ba za a ci komai ba. Wannan ma kuskure ne, domin waya tana iya sauke hotuna da bidiyo tana cikin aljihu. Mu ƙaddara ana cajin naira 200 kan kowane megabait. Bidiyon biki ɗaya mai megabait 15 daga zauren dangi ya lashe naira 3,000 ke nan, ko kallonsa ba ka yi ba. Maganin shi ne ka kashe Data roaming tun kana filin jirgin Malam Aminu Kano.

Batun cewa karɓar saƙon tes ba ya cin kuɗi kuwa, galibi gaskiya ne. Saboda haka kada ka jefar da layin gida, ta nan saƙon banki zai same ka. Ka sayi layin can da fasfo da tambarin yatsa, ka sa shi a ɗaya gurbin, ka mayar da data kansa. Lambarka ta WhatsApp ba za ta ɓace ba, muddin ba kai ka sauya ta ba.

Kira ta wayfai na masauki yana da sauƙi, sai dai Wi-Fi Calling ba ya aiki sai kamfanin layinka ya yarda da shi, kiran WhatsApp kuma ya sha ƙin shiga a Saudiyya. Ka gwada tun ranar sauka. In ya ƙi, saƙon murya zai isar da gaisuwarka gida.