Kafin a Kama Ɗakin Taro: Yadda Ake Gano Horon da Ma'aikata Suke Buƙata

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san yadda bita take. A kama ɗakin taro a otal, a raba jaka da biro da littafin rubutu, a sha shayi da ƙarfe goma, a ci abinci bayan azahar, ranar ƙarshe a miƙa satifiket da alawus. Ranar Litinin kowa ya koma kujerarsa, kuma sau da yawa matsalar da ta sa aka shirya bitar tana nan inda aka bar ta.

Kuɗin da ke tafiya a wannan harka ba kaɗan ba ne. A Najeriya akwai asusun horas da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa tana Jos. Kamfanonin da dokar asusun ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma ana iya mayar musu da har rabin abin da suka biya idan sun horas da ma'aikatansu bisa sharuɗɗan asusun. Ke nan akwai dalilin da zai sa kamfani ya so ya yi horo ko ta halin ƙaƙa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne aikin da ya kamata ya gabaci horon, wato binciken buƙatun horo: a gano abin da ake so ma'aikaci ya yi, da abin da yake yi a zahiri, da musabbabin giɓin da ke tsakani.

Musabbabin shi ne ƙashin bayan maganar. A 1970 wasu masana biyu 'yan Amurka, Robert Mager da Peter Pipe, suka fitar da wani ɗan littafi kan matsalolin aiki, inda suka ba shugabanni shawarar su yi wa kansu tambaya guda kafin su kira mai horaswa: da a ce ran wannan ma'aikaci ya rataya a kan aikin nan, zai iya yin sa daidai? Idan ba zai iya ba, to akwai ƙarancin ƙwarewa, horo zai yi amfani. Idan kuwa zai iya amma ba ya yi, babu kwas ɗin da zai gyara shi, domin abin da ke hana shi yana wani wurin: kayan aiki, ko lokaci, ko rashin sanin abin da ake jira daga gare shi, ko kuma tsarin da yake wahalar da mai yin daidai.

Wani abu da ya faru a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya nuna haka ƙarara. A 2001 Dakta Peter Pronovost ya damu da yawan majinyatan sashen kulawa ta musamman da suke kamuwa da cuta ta bututun da ake zura musu a babbar jijiya. Matakan kariya biyar ne, kuma kowane likita ya san su tun yana ɗalibi: a wanke hannu, a goge fatar majinyaci da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe shi da tsaftataccen mayafi, a sa takunkumi da hula da riga da safar hannu, sannan a rufe wurin da tsaftataccen bandeji.  Pronovost ya roƙi nas-nas su yi wata guda suna lura da likitocin suna rubutawa. Sai aka ga a kan fiye da kashi ɗaya cikin uku na majinyata an tsallake aƙalla mataki ɗaya.

Likitocin ba jahilai ba ne, gaggawa da mantuwa ne suke cin su. Don haka aka rubuta matakan a takarda guda, aka ba nas ikon ta dakatar da likita idan ya tsallake wani, aka tattara kayan aikin a amalanke ɗaya don kada a riƙa yawon neman su. Cikin shekara guda yawan kamuwa da cutar ya faɗo daga kashi 11 cikin 100 zuwa sifili. Da an tura likitocin nan kwas, da sun ci jarrabawar ƙarshe da maki mai yawa, majinyata kuma su ci gaba da kamuwa.

To yaya ake yin binciken? Tsarin da aka fi bi ya samo asali ne daga William McGehee da Paul Thayer, waɗanda a 1961 suka ce a duba matakai uku: ma'aikatar gaba ɗaya, sannan aikin kansa, sannan mutumin da ke yin sa. Ya fi sauƙin fahimta da misali.

A ƙaddara wani Alhaji yana da injin casar shinkafa da ma'aikata goma sha biyu, rukunin safe da na yamma. 'Yan kasuwa sun fara ƙorafin shinkafarsa tana zuwa a kakkarye, suna rage mata farashi. Wani mai shirya kwasa-kwasai ya kawo masa takarda: a horas da dukkan ma'aikatan kwana uku, kowane kai da farashinsa.

Matakin farko, mai bincike ba zai tambayi wane kwas ake so ba. Zai tambayi Alhaji abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya, kuma ya nemi a faɗa da lamba. "Ma'aikatana ba su iya aiki ba" ba amsa ba ce. Amsa ita ce a ɗebi awo daga buhuna, a tsince karyayyu, a auna, a ce ga yawan da ake samu yanzu, ga kuma yawan da kasuwa za ta karɓa. Sai a rubuta wannan na tsawon mako biyu, kowane rukuni da nasa. Idan karayar ta yi yawa a duka rukunan biyu, zargi ya fi karkata ga shansherar ko injin. Idan a rukuni ɗaya ta fi yawa, an fara samun bakin zare.

Mataki na biyu shi ne a warware aikin daki-daki, kuma nan ne ake buƙatar zama da wanda ya fi kowa iyawa a wurin. Shinkafa tana karyewa saboda dalilai sanannu. Danshin shanshera ya kamata ya kasance wajen kashi 14 cikin 100 lokacin casa. Idan ta fi haka jiƙa tana da laushi, idan ta bushe ƙayau tana da gautsi. Shanya a rana mai zafi sosai na tsattsaga ƙwayar tun tana cikin buntunta, haka ma idan busasshiya ta sake shan laima. Ga kuma robobin nan biyu da ke ɓare buntu: idan aka matse tazararsu sai su murƙushe ƙwaya, idan aka sake ta da yawa sai shanshera ta wuce ba a ɓare ba, a sake mayar da ita, ta ƙara karyewa. Kowanne daga cikin waɗannan sai a tambaya: wa ke yin sa, da me yake yi, kuma ta yaya yake sanin ya yi daidai?

Sai mataki na uku, a tsaya kusa da injin a kalli mutane. A misalinmu, a ce mai bincike ya tarar na'urar auna danshi ta lalace tun bara, masu shanya suna gwada ƙwaya da haƙori. Robobin sun cinye, an rubuta buƙatar sababbi amma ba a saya ba. Ana biyan rukuni bisa yawan buhunan da suka fitar, saboda haka kowa yana ɗura wa injin fiye da ƙima. A ƙarshe ya gano cewa mutum uku a rukunin yamma, sababbin ɗauka, ba su san yadda ake saita tazarar robobi ba, ba a kuma taɓa nuna musu ba. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban injin, suka kasa.

Dalilai huɗu ke nan, ɗaya ne kawai na horo, kuma mutum uku ya shafa cikin goma sha biyu. Maganinsa ma ba ya buƙatar otal: tsohon direban injin na rukunin safe zai iya nuna musu a 'yan kwanaki, su saita yana kallo har hannunsu ya faɗa. Sauran ukun na Alhaji ne: ya gyara na'ura, ya sayi robobi, ya sa ingancin shinkafa cikin lissafin biya. Wannan ne ɓangaren da masu gida ba sa son ji, kuma mai bincike na gari dole ya faɗa musu shi, cikin ladabi amma ba tare da ragi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba wa ma'aikata takarda a ce kowa ya rubuta horon da yake so, sannan a kira wannan bincike. Abin da za a tattaro buri ne. Wani zai rubuta kwamfuta, wani shugabanci, wani ya zaɓi kwas ɗin da ake yi a Abuja saboda alawus ɗinsa ya fi tsoka, kuma ba laifinsu ba ne, tambayar da aka yi musu suka amsa. Ra'ayin ma'aikaci yana da daraja, amma tambayar da ta fi fitar da gaskiya ita ce: a ina aikin nan yake tsaya maka, kuma me ka yi a karo na ƙarshe da ya tsaya? Sannan a gwada amsarsa da abin da bayanan aiki suka nuna da abin da ido ya gani. Idan ukun suka haɗu a wuri guda, an kama giɓin.

Akwai kuma batun tsoro. A 2008 Jihar Kwara ta gwada malaman firamare sama da 19,000 da tambayoyin da suka yi daidai da darasin aji huɗu, waɗanda suka kai mizanin da aka gindaya ba su cika ɗari ba. Jihar ba ta kore su ba, ta yi amfani da sakamakon wajen tsara musu horo. A 2017 Jihar Kaduna ta gwada malamai kusan 33,000, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Mutane sun sha bamban kan wanne ne daidai, amma gwaje-gwajen biyu ba manufarsu ɗaya ba. Ma'aikacin da yake zaton gwaji zai raba shi da abincinsa zai ɓoye rauninsa iya ƙarfinsa, mai binciken buƙatun horo kuwa raunin nan yake nema. Shi ya sa ake bayyana wa ma'aikata tun farko abin da za a yi da sakamakon, da wanda zai gan shi, kuma a cika alkawarin.

Rahoton binciken ba ya buƙatar wuce shafi biyu. Ya faɗi giɓin da lamba, ya jera dalilansa, ya ware na horo daga waɗanda ba na horo ba, ya ambaci mutanen da za a koyar da abin da ake so su iya yi da hannunsu idan an gama. Ya kuma sa ranar da za a sake awo. A injin Alhaji, wannan na nufin bayan wata guda da sa sababbin robobi da koyar da mutum ukun, a koma a ɗebi awo daga buhunan rukunin yamma, a tsince karyayyu da ma'aunin da aka yi amfani da shi a farko, a kwatanta da na rukunin safe. Idan har yanzu da tazara, sai a sake tsayawa kusa da injin a duba ko akwai dalili na biyar da aka tsallake.