Gatse da Ba'a: Yadda Za a Nuna Wasa a Saƙon Waya

Wata baiwar Allah a Maraɗi ta yi suna, ƙanwarta da ke Damagaram ba ta iso ba sai bayan la'asar, an riga an watse. Da dare yayar ta aika mata saƙo: "Sannu da sammako, ke kika buɗe mana taro." Nufinta zolaya ce kawai. Amma ƙanwar, wadda motarsu ta lalace a hanya, ta karanta shi a matsayin gori, ta yi kwana uku ba ta amsa kira. Da a ce baki da baki aka yi maganar, da dariya za a yi a wuce wurin.

Domin gane inda aka yi tuntuɓe, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Gatse shi ne mutum ya faɗi kishiyar abin da yake nufi, yana sa ran mai sauraro zai juya maganar da kansa. Wanda ruwan sama ya jiƙa sharkaf, ya shigo yana cewa "yau kam mun sha rana", gatse ya yi, kuma bai taɓa kowa ba. Ba'a kuwa tana da wanda aka auna, manufarta a muzanta shi, kuma sau da yawa gatse take hawa ta isa gare shi. Masu karatun Faransanci sun san wannan bambanci tsakanin ironi da sarkasm, kalmar ta biyu ma asalinta daga Girkanci ne, daga aikatau mai nufin yagar nama. Gwajin mai sauƙi ne: a tambaya, wa aka nufa, kuma shin zai iya yin dariyar tare da mu? In ba zai iya ba, an shiga izgilin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana.

A zance na baki, murya da fuska ne ke warware gatse: jan wasali, kashe ido, murmushi. Rubutu ba ya ɗauke da ko ɗaya, amma mai rubutawa yana jin muryarsa a zuci, sai ya zaci ta tafi tare da saƙon. Wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa a 2005 ya nuna haka: masu aika imel sun zaci za a gane sautin maganarsu kusan sau 78 cikin 100, amma masu karɓa sun dace kimanin sau 56 kawai, wato da kaɗan suka fi mai canki.

An daɗe ana neman magani. A 1899 marubucin Faransa Alcanter de Brahm ya ba da shawarar alamar tambaya juyayya don nuna gatse, ba ta karɓu ba. A 1982 Scott Fahlman ya kawo :-) domin a riƙa gane wasa a saƙon kwamfuta, ita kuwa ta bazu. A yau ana amfani da 😉 ko 😂, ko "hhh", ko "mdr" a wajen masu Faransanci. Sai dai kowace alama tana aiki ne in mai karɓa ya san ta. Alamar /s da masu Turanci ke sakawa a ƙarshen jimla, ko 🙃, ba za su ce wa goggo komai ba.

Mu koma ga saƙon yayar. Da ta rubuta: "Autar Inna, sannu da sammako, ai tun jiya muke ta kai miki ruwan wanka 😉 Wasa nake. Ya hanya? An ce mota ta ba ku wahala," da ba a yi fushi ba. Sunan zolaya a farko ya sanar da wasa. Zuzutawar ta kai inda babu mai ɗaukarta gaskiya. Alamar tana manne da jimlar, ba a saƙo na biyu da zai iso bayan rai ya ɓaci ba. Sannan maganar gaskiya ta biyo baya.

Akwai kuma iyaka. Wasan dangi na Nijar, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014, yana tafiya ne saboda kowa ya san abokin wasansa: taubashi da taubashiya, kaka da jika, Bafillace da Babarbare. Babu alamar da za ta halatta gatse ga suruki ko mahaifi, kuma a zauren dangi na waya, inda kowa ke karantawa, abin da ke wasa tsakanin mutum biyu yakan zama tozarci. Idan aka aika zolaya amsa ta dawo "to" ko "na gode" ƙwal, ko aka yi shiru, kada a ƙara wani rubutu. A kira, ko a aika saƙon murya, a ba da haƙuri.

Allah ya ƙara mana zumunci.