Yadda Mawaƙan Motet Suka Auna Lokaci Kafin Layin Tsaye

A yau ana raba rubutaccen kiɗan Turai da layuka na tsaye, kowane gida da adadin bugunsa. Sai a ƙarni na 17 wannan ya zama ruwan dare. Kafin nan, mawaƙan coci na da wata dabarar da ke sa murya uku ko huɗu su tafi tare ba su sarƙe ba.

Dabarar ta kankama ne a cocin Notre Dame da ke Paris wajajen 1200, zamanin Léonin da Pérotin. An tsara kari guda shida daga dogon sauti da gajere, kamar yadda karin waƙar Hausa ke ginuwa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kari na farko dogo ne sannan gajere, wato bugu biyu da bugu ɗaya. Na biyu akasinsa ne, na biyar dogaye zalla, na shida gajeru zalla. Duk da uku-uku ake ƙirga su.

Siffar alama ba ta nuna tsawon sauti a lokacin. Yadda aka haɗa alamomi shi ke bayyana karin: idan mawaƙi ya ga uku a haɗe, sannan biyu-biyu, ya san na farko ne. Matsala ta taso da aka haifi motet, waƙar da ake ɗora sababbin kalmomi a kan muryoyin sama. Kowace gaɓa ta buƙaci alamarta daban, haɗin ya warware, karin ya ɓace a takarda. Wajajen 1280 Franco na Cologne ya shimfiɗa ƙa'idar cewa siffar alama ce za ta faɗi tsawonta.

Wannan ya buɗe hanya ga isoritim a ƙarni na 14, a hannun Philippe de Vitry da Guillaume de Machaut. Muryar ƙasa, wato teno, ana gina ta da abu biyu. Kolor shi ne jerin sautuka, galibi daga tsohuwar waƙar ibada. Taleya kuwa jerin tsawo ne da wuraren shiru, wanda ake ta maimaitawa. A Kiriye na farko na waƙar ibadar da Machaut ya tsara da wannan salo, kolor na da sauti 28, taleya na da 4, don haka ta zagayo sau 7.

Ba dole su ƙare tare ba. Idan kolor 18 ne, taleya 12, sai a sauti na 36 za su sake haɗuwa, kuma kolor zai dawo karo na biyu da tsawon da ya bambanta. A wasu motet, ana rage tsawon sautukan teno da rabi a ɓangaren ƙarshe.

Teno na tafiya a hankali, shi ya sa kunne ba ya saurin kama maimaicin. Mai nazari kan gano shi ta bin wuraren shiru, domin suna dawowa a tazara iri ɗaya.