Jalof Ɗin Biki a Obin: Abin da Saƙon Ɗumame Ya Kamata Ya Ɗauka

Yanzu a wasu bukukuwan Kano da Kaduna, wadda ta dafa abinci daban, wadda za ta ɗumama ta raba wa baƙi daban. Mai girki ta gama aikinta tun jiya da dare ko da asuba, ta sa a firij, direba ya kai ɗakin taro. Abin da ya haɗa su sau da yawa saƙon waya ne guda, kuma in duk abin da ya ce shi ne "a ɗan ɗumama kafin a raba", to an bar wa mai rabo aikin canke.

A ɗauka dina ce, za a fara rabo ƙarfe 8:00 na dare. An aiko tire huɗu na jalof, biyu na gasasshiyar kaza, ɗaya na sambusa, obin ɗin wurin kuma tire biyu yake ɗauka. Ga irin saƙon da zai yi amfani:

"Hajiya, barka da aiki. Abincin daga firij ya fito, zai iso ƙarfe 5:00, a bar shi cikin sanyi har layinsa ya zo. A kunna obin 5:30 a kan 180°C, a ba shi minti 20. Jalof tire bibbiyu, a yayyafa rabin kofi na ruwa a kowanne, a rufe ruf da takardar foyil, minti 40, a juya a tsakiya. Kaza minti 30, a buɗe ta a biyar ɗin ƙarshe. Sambusa a buɗe, minti 10. Kada a sauke komai sai cikinsa ya kai 75°C. Allah ya ba da sa'a."

Ƙarfe 5:30 ɗin nan daga lokacin rabo aka lissafo shi baya-baya. Jalof zagaye biyu minti 80 ne, a ƙara 30 na kaza, 10 na sambusa, da 20 na jiran obin, an sami awa biyu da minti 20, sauran goman na ko-ta-kwana ne. Wadda ta ga "minti 40" kawai ta kunna obin bayan Magariba, rabin shinkafarta na nan da sanyi lokacin da amarya za ta shigo.

Harafin C da ke bayan lamba shi ma dole a rubuta shi. Wasu obin, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, da ma'aunin F suke aiki, inda 350 ce ta yi daidai da kusan 180°C. In aka sa irinsu a kan 180, zafin bai ma kai na tafasasshen ruwa ba. Wanda lambobinsa 1 zuwa 9 ne irin na Birtaniya, a sa shi a kan 4. Mai fanka a ciki kuwa a rage masa 20, a yi aiki da 160°C.

Amma lambar da ta fi kowacce nauyi ita ce 75. Mintunan kimantawa ce kawai, domin tire mai zurfi, ko obin da aka cika, ko yawan buɗe ƙofa, duk suna ƙara lokaci. Tururi a sama da zafi a gefe ba shaida ba ne. Ana soka ma'aunin zafin abinci mai tsinke a tsakiyar tire, a kaza kuma a tsokar da ta fi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na tiren kaza guda, don haka ban ga uzurin mai wannan sana'a da ba ta da shi ba.

Me ya sa saƙon ya fara da maganar firij? Tsakanin 5°C da 60°C ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, shi ya sa dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a zafin watan Afrilu ma awa ɗaya. Shinkafa ta fi hatsari. Akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba mai sa amai cikin 'yan awanni, kuma obin ba ya lalata gubar. Jalof da ta yini a bayan mota, ko ta kai 75°C, ta zubarwa ce.

Tirorin farko za su fito tun kusan 6:30, don haka su wuce kai tsaye cikin kwanon rabo mai wuta a ƙasa, wanda aka riga aka zuba wa ruwan zafi, su zauna sama da 60°C. Kwanon nan riƙe zafi ne aikinsa, ba ya iya ɗumama abinci mai sanyi. Abin da ya ragu bayan taro kuma ba a mayar da shi firij don a sake ɗumamawa gobe a walima. Ɗumame sau ɗaya ake yi.