Kwamfutar Mota Ta Ce, Famfon Mai Ya Ce: Wa Za Mu Gaskata?

Yawancin motocin da ake shigo mana da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema suna da 'yar kwamfuta mai nuna wa direba man da mota ke sha, da alamar L/100km, wato lita nawa a kilomita ɗari. To, kwamfutar nan ba ta auna mai da mudu. Lissafi take yi daga tsawon lokacin da injekta ke buɗewa, nisa kuwa daga juyawar taya. Saboda haka takan yi kuskure, galibi ta nuna ƙasa da abin da aka ƙona.

Mu fara da nisa, domin idan ya karkace, sauran lissafi ya karkace. A sami hanya mai turakun kilomita, a rubuta abin da maleji ya nuna a turken farko, a yi kilomita 50, a sake dubawa. A ɗauka maleji ya ƙirga 49. Ke nan kashi 2 cikin ɗari ya ɓace. Sau da yawa taya ce sanadi. Motar da aka ƙera da taya 195/65 R15, in aka sa mata 205/65 R15, kewayen tayar ya ƙaru da kusan kashi 2, sai ta riƙa cin ƙasa fiye da yadda maleji ke ƙirgawa.

Sai mai. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, kada a ce yaro ya ƙara. A mayar da kwamfuta sifiri, a ci gaba da harka. In mai ya yi ƙasa, a koma famfon nan dai, a cika kamar da. Litar da aka zuba yanzu ita ce aka ƙona.

Misali, maleji ya ce kilomita 490, an zuba lita 40, kwamfuta ta ce 7.5. Tunda kowace 49 a zahiri 50 ce, tafiyar kilomita 500 ce. Lita 40 a kilomita 500 kuwa lita 8 ke nan a ɗari. A raba 8 da 7.5, a sami kusan 1.07. Daga yau, duk abin da kwamfuta ta nuna sai a ninka shi da 1.07.

Amma fa cikawa ɗaya ba ta isa hujja ba. Bambancin lita guda wajen katsewar famfo ya kai kashi biyu da rabi na lita 40. A yi sau uku, a tara litoci, a tara kilomita, sannan a raba, kuma kada a share kwamfuta sai an gama. Wanda motarsa ta fito daga Amurka ya lura, mil ɗaya kilomita 1.609 ne, galan ɗinsu lita 3.785.

In tazarar da aka saba gani ta buɗe kwatsam alhali ba a sauya taya ba, a duba yoyo a tanki da tiyo, domin man da ya zuba a ƙasa kwamfuta ba ta san da shi ba. Allah ya kiyaye hanya.