Agogon Kwali: Yadda Ake Koya wa Yaro Karanta Lokaci



Yaron da ya tashi yana jin kiran ladan sau biyar a yini, ya kuma san lokacin da inuwa ke komawa gabas bayan zawali, ba baƙo ba ne ga sha'anin lokaci. Abin da ya rage masa shi ne fahimtar hannaye biyu masu yawo a kan lambobi goma sha biyu, alhali kowace lamba ma'anarta daban ce ga gajeren hannu, daban ce kuma ga dogo. Wannan ne asalin mushkilar, saboda haka hikima ita ce a raba hannayen, a koyar da su ɗai-ɗai.

A samo kwalin taliya ko na sabulu, a kifa faifai a kansa a zana da'ira, a yanke da almakashi. Kada a bar yaro ya fara rubuta lambobi daga 1, domin kafin ya kai 8 sarari ya ƙare masa. A yanki takarda daidai girman da'irar, a ninka ta biyu, a sake ninkawa, inda layukan ninki suka taɓa baki nan ne mazaunin 12 da 3 da 6 da 9, sa'an nan a saka lambobi biyu-biyu a tsakani. Hannayen kuwa a yanke su daga wani kwalin, gajeren ya tsaya kafin lambobi, dogon ya kai bakin da'ira, a shafa musu launi daban-daban, a huda tsakiya a ɗaure da zare da maɓalli.

Amma da fari gajeren hannu kaɗai za a ɗaura, dogon a ajiye shi tukuna. Malam ya ɗora hannun a kan 4 ya ce, "Ƙarfe huɗu, lokacin da galibin masallatanmu ke sallar La'asar," ya ɗan gusar da shi, yara su ce huɗu ta gota. Ya kai shi tsakiyar 4 da 5, su ce huɗu da rabi. Ya matsar da shi dab da 5, su ce biyar ta kusa. A ra'ayina wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin duka, bai kamata a wuce shi ba sai yaro ya iya ƙiyasta lokaci da hannu ɗaya ba tare da inda-inda ba.

Bayan haka a ɗaura dogon hannu, a taƙaita ga wurare huɗu: daidai, da kwata, da rabi, saura kwata. Idan waɗannan sun zauna, sai a rubuta 5, 10, 15 har zuwa 60 a wajen lambobin da wani launi, yara su riƙa ƙidaya biyar-biyar da yatsa, daga bisani a rufe ƙananan lambobin da guntun takarda.

Ga misalin da ke tona asirin wanda bai gane ba. A saita agogo a kan bakwai da minti hamsin, dogon hannu na kan 10, gajere kuma ya kusa taɓa 8. Yaro zai ce takwas da minti hamsin, domin idonsa ya kama lamba mafi kusa. Wani kuma ya ce takwas da minti goma, domin ya karanta dogon hannu da ma'anar gajere. Na farko a cire masa dogon hannu a tambaye shi, "Gajeren ya isa takwas, ko yana hanya?" Da zarar ya ce yana hanya, to sa'ar bakwai ba ta ƙare ba, sai a sa shi ya ƙirga abin da ya rage zuwa 12, ya sami takwas saura minti goma. Na biyun kuwa a mayar da shi ƙidayar biyar-biyar.

Sai dai agogon kwali yana da naƙasu guda, wanda wajibi ne malam ya kiyaye: hannayensa ba su da alaƙa da juna, don haka ana iya ɗora dogo a kan 6 a bar gajere cif a kan 3, a kira shi uku da rabi, alhali babu agogon gaskiya da ke nuna haka. Maganinsa a sauko da agogon bango, a ba yaro ya murɗa abin saitin da ke bayansa daga uku zuwa huɗu a hankali, ya ga da idonsa yadda gajeren ke rarrafe yayin da dogon ke kewaya, sa'an nan ya saita na kwalinsa daidai da abin da ya gani, abokinsa ya duba masa.