Nazari a Kan Fatar Mace Bayan Ɗaukewar Haila, a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Daga cikin al'amuran da suke samun mace idan hailarta ta ɗauke, wanda galibi yakan auku ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa tabbatar da shi sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba, babu wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta a wajenmu kamar sauyawar fata, domin a Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da su, idan dattijuwa ta yi kukan ƙaiƙayi da kaushi, amsar da ake ba ta ba ta wuce biyu: ko a ce hunturu ne, ko a ce girma ne. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma sun bar babban sababin a baya, kuma saboda barinsa ne mata da yawa suke neman magani inda zai ƙara musu cutar.

Asalin al'amarin shi ne raguwar wani sinadari da ake kira istirojin, wanda ƙwayayen mahaifa suke fitarwa cikin jini tun daga balaga, wanda kuma fata take dogara da shi wajen saƙa zaruruwan da ke ba ta kauri da ƙarfi, wato kolajin, da kuma wajen riƙe ruwa da maiƙo. Tun wajen 1940 wani likitan Amurka mai suna Fuller Albright ya lura cewa matan da ƙasusuwansu suka yi rauni bayan ɗaukewar haila fatarsu ma takan yi sirantaka. Daga baya kuma, a shekarun 1980, Mark Brincat da abokan aikinsa suka auna abin a Landan. Ƙididdigar da likitocin fata suke riƙe da ita yau ita ce, mace takan rasa kimanin kashi 30 cikin 100 na kolajin fatarta a shekara 5 na farko, sa'an nan kimanin kashi 2 a kowace shekara bayan haka, ta yadda wadda ta shekara 15 da ɗaukewar haila abin da ya rage mata bai cika kashi 60 ba. An yi mafi yawan wannan awo ne a kan matan Turawa, kuma baƙar fata ta fi jinkirin tamoji. Sai dai ita ma tana da nata rabon, domin bushewa tana bayyana a kanta furu-furu kamar an barbaɗa toka, kuma duk inda aka sosa ko aka ji rauni yakan bar baƙin tabo mai daɗewa.

A nan ya wajaba a rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa. Fata tamkar katangar ƙasa ce da yaɓenta: sirantaka tana aukuwa ne a jikin katangar, can ciki, inda man shafawa na kasuwa ba ya sake gina abin da ya zube; bushewa kuwa a yaɓen take, wato saman fata, wanda idan maiƙonsa ya ragu ruwan jiki yakan tsere ta cikinsa, kuma wannan gyaruwa yake yi cikin mako biyu ko uku idan aka bi hanyarsa. Alamar sirantaka ita ce jijiyoyin bayan hannu su fito fili, ɗan bugu kaɗan ya tara jini, ƙaramin yanka ya daɗe bai haɗe ba. Alamar bushewa kuwa ita ce fata ta ɗaure bayan wanka, ƙwauri ya yi ɓawo-ɓawo, ƙaiƙayi ya tsananta da dare bayan an tuɓe tufa. Wadda ta fahimci wannan rarrabewa ba za ta zubar da kuɗinta a kan alkawarin mayar da fatar ƙuruciya ba, kuma ba za ta haƙura da ƙaiƙayin da yake da magani ba.

Ƙasarmu kuma tana ɗora nata nauyin a kan wannan rauni. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take saukowa daga arewa maso gabas, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana, kuma ko da yake kudancin Jihar Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan damina, wannan ba ya tsinana wa fata komai a watan Janairu. Amma a ganina iska ba ta kai ɗabi'unmu na tsafta ɓarna ba, alhali kuwa ɗabi'u ne kyawawa waɗanda shekarunsu ne kawai suka wuce. Mace ta tashi tun tana budurwa da wanka da ruwa mai zafi, da soso mai kaushi, da sabulun salo ko sabulun wanki, tana dirzar jiki har sai ya yi ƙara; a shekara 30 fatarta takan mayar da maiƙon da aka wanke kafin azahar, amma a shekara 50 ba ta iyawa, domin sabulu irin wannan yana da kaifi irin na ruwan toka da kanwa, saman fata kuwa lafiyarsa tana cikin ɗan tsami-tsami, kuma komawarsa daidai bayan an wanke shi tana ƙara jinkiri da shekaru. Daɗin daɗawa, zafin jiki da gumin dare da suke zuwa da ɗaukewar haila sukan sa ta ƙara yawan wanka, sai maganin wata lalura ya zama sababin wata.

Mu ƙaddara wata mace mai shekara 52 a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, wadda ta shekara 2 ba ta ga haila ba. Tana wanka safe da yamma da ruwan da ya tafasa a murhu, tana wanki da wanke-wanke da omo hannu tsirara, da asuba kuma tana jin ɗumi da kaskon gawayi dab da ƙwaurinta, har wurin ya yi zane-zane baƙi kamar raga. Idan ta ja farce a ƙwaurin sai farin layi ya bayyana. Diddigenta ya yi faso, har tana ɗingishi idan ta taka tsakuwa. Da ƙaiƙayi ya ishe ta, sai 'yarta ta ce mata, "Inna, ga wani mai da na sayo a kemis, kwana biyu kawai yake kashe ƙaiƙayi." Kuma haƙiƙa ya kashe, domin irin mayukan nan na ƙaramin bututu da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda shi ne kuma ake zubawa cikin haɗin bilicin. Illarsa kuwa ita ce ainihin abin da ake gudu: yana hana fata saƙa kolajin, saboda haka bayan watanni sai ta ƙara sirancewa, ta yi nankarwa mai faɗi, makero da ƙuraje su samu ƙofa, idan kuma aka daina sai ƙaiƙayin ya dawo fiye da da, a koma masa dole. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ɗaga murya a kan mayukan bilicin a 2023. Amma gargaɗin ya fi karkata ga 'yan mata, alhali uwayensu, waɗanda fatarsu ta riga ta yi rauni, su ne suka fi saurin cutuwa.

Gyaran da ya dace da wannan baiwar Allah ya fi yawa a ragi bisa ga saye. Ta mayar da wankan sabulu sau ɗaya a yini, da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu take jurewa ba tare da janyewa ba, kada ya wuce minti 10. Ta taƙaita sabulu ga hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono da ƙafafu, ta zaɓi marar ƙamshi mai laushi, ta ajiye soso sai jefi-jefi. Idan ta gama kada ta goge jiki ƙarau, sai dai ta dangwala tawul, kuma tun jikin yana da laima, kafin minti 3 ko makamancinsa, ta shafa mai, domin mai ba ya kawo ruwa daga waje, wanda ya tarar ne yake tsarewa. Shafa shi a busasshiyar fata da rana tsaka ƙyalli kawai yake bayarwa. Man kaɗanya tsantsa, irin wanda ake samu a kasuwar Sara da ta Birnin Kudu, ko basilin fari marar turare, sun wadatar, kimanin cikin cokalin shayi ga kowace ƙafa. Gilisarin kuwa a sirka shi da ruwa a shafa, sa'an nan a rufe da mai, gama shi kaɗai a iskar hunturu danƙo yake yi. Faso yana son a jiƙa diddige, a goge kaushin a hankali da dutse, ba da reza ba, a cika shi da basilin ko man da ke da sinadarin yuriya, a sa safa a kwanta. Kaskon wuta kuma a matsar da shi nesa, musamman da yake zanen da ya sha mai yana saurin kama wuta.

Saura batun alwala, wanda shi ne ya fi damun masu tsantseni, kuma haƙƙinsu ne ya dame su. Gaɓoɓin alwala suna shan ruwa sau biyar a yini ko fiye, kuma su ne suke fara tsagewa. Abin da muka karanta a littattafan mazhabar Malikiyya, tun daga Ahalari har Risala, shi ne wankin farko da ya game gaɓa shi ne farilla, ƙari a kansa falala ce, ɓarnar ruwa kuma makaruhi ce. Cuɗawar da aka wajabta kuwa bin gaɓa ne da hannu, ba a shar'anta soso ko sabulu ba. Malamai sun rarrabe tsakanin man da fata ta shanye ya bar santsi kawai, wanda ba ya hana ruwa isa, da wanda ya daskare ya zama shamaki. Mafita mai sauƙi ita ce a shafa ɗan kaɗan bayan kowace alwala yadda zai nutse kafin ta gaba, a jinkirta mai kauri sai bayan sallar isha'i. Haka kuma wajen tsarki ruwa zalla ya isa, domin fatar al'aura ta fi ko'ina jin rashin istirojin, kuma sabulu da turaren tsuguno da matsi suna ƙara mata raɗaɗi.

Sirantaka kuwa, ko da yake ba a mayar da abin da ya tafi gaba ɗaya, ana rage saurinsa da kare fata daga ƙunar rana, da cin abin da jiki yake gina tsoka da shi, irin su wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi. Maganin mayar da istirojin yana ƙara wa fata kauri, amma likitoci ba sa bayar da shi domin fata kaɗai, saboda yana da haɗari ga wasu mata, sai an auna tarihin lafiyar kowace.

Ba kowane ƙaiƙayi ne kuma na ɗaukewar haila ba. Idan an bi wannan tsari mako 4 babu sauƙi, ko ƙaiƙayin ya game jiki ba tare da bushewa a fili ba, ko ya zo da yawan ƙishirwa da fitsari, ko rama, ko kasala da jin sanyi, ko idanu suka yi rawaya, to ana tuhumar ciwon sukari ko ƙoda ko hanta ko ƙarancin jini ko raunin halittar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, kuma gwajin jini ne yake rarrabe su. Idan yaran gida ma suna susa da dare, ƙazuwa ce, a yi wa kowa magani lokaci ɗaya. Tabon da ya yi haske kuma ba ya jin taɓawa, da gyambon da ya ƙi warkewa, da farin tabo mai ƙaiƙayi a al'aura, da jinin da ya dawo bayan an shekara ba a gan shi ba, waɗannan ba a tsaya shafa musu mai; a kai su asibitin da ya fi kusa, idan kuma ana bukatar ƙarin bincike, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.